An ce ciwon suga "ya ƙaru": masu shi ne suka ƙaru ko masu kamuwa da shi?

A 2019 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ce manya kusan miliyan 463 ne ke da ciwon suga a faɗin duniya, a 2021 kuma ta fitar da sabon ƙiyasi ta ce miliyan 537. Duk lokacin da irin wannan lambar ta fito sai ka ji a rediyo ana cewa ciwon ya ƙaru, mutane kuma su ɗauka ana nufin yanzu an fi kamuwa da shi fiye da da. Zai iya yiwuwa haka ne, amma lambar da aka karanto ba ita ke nuna hakan ba, domin ƙidayar masu ciwon ce gaba ɗaya, tsoffinsu da sabbinsu, babu ruwanta da ranar da kowa ya kamu. Masana yaɗuwar cututtuka suna da ma'auni biyu daban a nan, a Turance ɗaya insidens ɗaya firebalens, mu kuwa a bakinmu duka biyun "yawan cuta" muke cewa, to daga nan ruɗanin yake farawa.

## Ma'aunan biyu

Firebalens shi ne yawan masu ɗauke da ciwo a wani lokaci da aka tsayar. Ka shiga gari yau, ka ƙirga duk mai ciwon suga, wanda aka gano nasa jiya da wanda ya shekara goma sha biyar yana shan magani, ka raba da yawan mutanen garin. A nan gaba zan riƙa ce masa yawan masu ɗauke da ciwo.

Insidens kuma yawan sabbin kamuwa ne cikin wani tsawon lokaci, yawanci shekara ɗaya. Ana ƙirga waɗanda a farkon shekara lafiyarsu lau, kafin ƙarshenta ciwon ya same su, sannan a raba da yawan waɗanda za su iya kamuwa. Wanda dama yana da ciwon ba a saka shi a lissafin, ko a sama ko a ƙasa, tunda ba zai sake kamuwa da abin da ke jikinsa ba. Kuma dole a ambaci lokaci. In mutum ya ce maka sabbin kamuwa 5 ne cikin 1,000 bai ce a wata ko a shekara ba, bai gama magana ba tukuna.

Duk wanda ya san makarantar firamare ya riga ya san bambancin. Hedimasta yana ɗaukar yara 40 aji ɗaya kowace shekara, wannan shi ne sabbin shiga. Amma in ka ƙirga yaran da ke layi da safe za ka samu wajen 240, saboda kowane yaro yana shekara shida kafin ya fita. A ce an mayar da firamare shekara tara, layin safe zai kai 360 alhali hedimasta bai ƙara ko yaro ɗaya kan 40 ɗin da yake ɗauka ba. Ka riƙe wannan, shi ne kusan duk labarin.

## Lissafi a ƙaramin gari

Mu ƙaddara wani ƙaramin gari, lambobin duk na misali ne na zaɓe su don lissafi ya fita da sauƙi, ba na wani gari takamaimai ba ne. Garin yana da manya 5,200, wato daga shekara 20 zuwa sama, da ƙaramin asibiti guda ɗaya inda jami'in lafiya yake riƙe da rijistar masu ciwon suga. Mu kuma ɗauka a yanzu cewa duk mai ciwon yana cikin rijistar, za mu dawo kan wannan zaton saboda a zahiri ba haka abin yake ba.

Ranar 1 ga Janairu jami'in ya buɗe rijista ya ƙirga suna 200. Yawan masu ɗauke da ciwo a ranar:

200 ÷ 5,200 = 0.038

wato kusan kashi 3.8 cikin ɗari, mutum ɗaya cikin kowane 26.

Yanzu sabbin kamuwa. A cire 200 ɗin nan daga 5,200, saura 5,000 waɗanda ba su da ciwon, su ne ake sa wa ido. Daga Janairu zuwa Disamba mutum 25 daga cikinsu suka zo da ƙishirwa da yawan fitsarin dare da rama, aka gwada jininsu da safe kafin su karya, aka sake gwadawa wata rana, aka tabbatar, aka rubuta su.

25 ÷ 5,000 = 0.005

wato mutum 5 cikin kowane 1,000 a shekara.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a nan shi ne su raba 25 da 5,200. A wannan misalin bambancin kaɗan ne, 4.8 maimakon 5, amma je ka gwada da hawan jini a tsakanin dattawa, inda wataƙila rabinsu dama suna da shi, za ka ga amsar ta ragu da rabi ba gaira ba dalili.

To a cikin shekarar nan ba shiga kawai aka yi ba, an kuma fita. Ciwon suga ba a cika warkewa daga shi ba, sai dai a lallaɓa shi, don haka ƙofar fita daga rijista biyu ce: rasuwa ko barin gari. A ce mutum 25 ne suka fita ta waɗannan ƙofofin. Ranar 31 ga Disamba: 200 da 25 a cire 25, an dawo 200. Wanda ya kalli jimilla kawai zai ce babu abin da ya motsa a garin, alhali gidaje 25 sun shiga sayen magani da sauya abinci, wasu kuma an yi zaman makoki.

Akwai ƙidaya ta uku da take ruɗa mutane, wato a ƙirga duk wanda ya taɓa kasancewa da ciwon a cikin shekarar, har da waɗanda suka rasu. Wannan zai ba da 225, kashi 4.3 cikin ɗari. Har yanzu nau'in yawan masu ɗauke da ciwo ne, na tsawon shekara maimakon na rana ɗaya, kada kalmar "a shekara" ta sa ka ɗauka sabbin kamuwa ne.

## Abin da ya haɗa su: daɗewar ciwo

In mutum 25 ke fita daga cikin 200 kowace shekara, ma'ana a matsakaici mutum yana shekara 8 a rijista. Duba yadda lambobin suka haɗu: 25 sau 8, 200. Irin lissafin hedimasta ne sak. A littattafai ana rubuta shi haka:

P ≈ I × D

P yawan masu ɗauke da ciwo, I sabbin kamuwa, D matsakaicin daɗewa. A garinmu 0.005 sau 8 ya ba da 0.04, kusa da 0.038 da muka samu. Amma dokar tana da sharaɗi: tana aiki ne in abubuwa a zaune suke, masu shiga da masu fita sun daidaita shekara da shekaru, kuma ciwon bai kama kaso mai yawa na jama'a ba. Garin da 'yan gudun hijira suka cika shi cikin wata uku, ko inda annoba ke tashi, ba a amfani da ita.

Wannan ne ya sa kwalara da ciwon suga suke zama kamar kishiyoyi a lissafi. Kwalara za ta iya kama mutum ɗari uku a gari cikin damina ɗaya, amma kowa kwanaki kaɗan yake yi, ko ya warke ko ya rasu, ka zo a watan Janairu ka ƙirga ba za ka samu ko mutum ɗaya ba. Sabbin kamuwa da yawa, masu ɗauke da shi babu. Ciwon suga kuwa mutum 25 kacal a shekara, amma suna taruwa.

## Ranar da magani ya zo gari

A ce an gyara asibitin garin, an kawo na'urar gwada suga da tsinkenta, ana samun ƙwayar ciwon suga metfomin ba yankewa, akwai firji mai sola da ake ajiye insulin, ana duba ƙafafun marasa lafiya da hawan jininsu duk wata. Mutane suka daina mutuwa da wuri, matsakaicin daɗewa ya tashi daga shekara 8 zuwa 12. Cin abincin garin bai canza ba, don haka har yanzu wajen mutum 25 ke kamuwa a shekara.

Shekarar farko masu fita sun koma 17, wato 200 a raba da 12, masu shiga suna nan 25, rijista ta zama 208. Haka za ta riƙa hawa a hankali, bayan shekara biyar wajen 235, bayan shekara goma wajen 258, tana dosar 300 inda za ta tsaya, tunda 25 sau 12 shi ne 300. In yawan manyan garin bai canza ba, an tashi daga kashi 3.8 zuwa kusan 5.8.

Yanzu ka saurari yadda mutum biyu za su karanta wannan rijistar. Kansila zai ce an kashe kuɗi an gyara asibiti amma ga masu suga sai ƙaruwa suke, ina amfanin? Jami'in lafiya kuma zai ce ranka ya daɗe, waɗannan ƙarin da kake gani mutanen da da tuni an binne su ne. Kowannensu yana da abin kamawa. Kansila ya yi daidai cewa nauyin ya ƙaru, kuɗin magani na mutum 258 ba ɗaya yake da na 200 ba, kuma ya yi daidai cewa ba a rage masu kamuwa ba ko kaɗan, asibiti yana jinya ne bai taɓa tushen abin ba. Inda ya kauce shi ne ɗaukar hawan rijista a matsayin shaidar gazawa. Jami'in ma in ya tsaya a murnar raguwar mace-mace ya manta da 25 ɗin da ke shigowa duk shekara, rabin aikin ya gani.

Tarihi ya nuna wannan a fili. Kafin a fara yi wa mutane allurar insulin a Toronto a 1922, yaron da ya kamu da nau'in farko na ciwon suga da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu, don haka masu ɗauke da shi ba su da yawa. Da insulin ya zo suka rayu, yawansu ya hau. Haka aka gani da cutar ƙanjamau bayan haɗin magungunan rage kaifinta sun fito a 1996: a wuraren da magani ya wadata, masu rayuwa da ƙwayar cutar sun ƙaru ko da sabbin kamuwa na raguwa.

A juya misalin kuma. Magani ya yi tsada, mutane suka koma shan ƙwaya ɗaya maimakon biyu, wasu suka bari gaba ɗaya, ƙoda ta fara lalacewa, gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, daɗewa ta sauko shekara 6. Rijista za ta gangara zuwa 150. A takarda ciwon suga "ya ragu" da kashi ɗaya bisa huɗu. Hanyar gane wace irin raguwa ce ita ce a duba shafin masu fita, a ga nawa suka rasu kuma suna da shekara nawa, sannan a duba ko sabbin shiga sun ragu ko suna nan yadda suke.

## Ranar kamuwa da ranar ganowa ba ɗaya ba ne

Mu dawo kan zaton da muka yi cewa kowa yana rijista. Nau'i na biyu na ciwon suga, wanda shi ne na mafi yawan manya, yana iya shekaru a jiki shiru. A ƙiyasin 2021 ɗin nan, cikin manya wajen miliyan 24 masu ciwon a yankin Afirka, fiye da rabi ba su san suna da shi ba. Kenan rijistar asibiti masu ciwon da aka gano take ƙirgawa, ba masu ciwon ba.

A ce wata ƙungiya ta zo garinmu ta kafa rumfa a ƙofar fada ranar kasuwa, gwaji kyauta na mako guda, aka tabbatar da ƙarin mutum 120. A ƙarshen shekara jami'i zai ga sabbin suna 145, in ya raba da 5,000 ya samu 29 cikin 1,000, kusan ninki shida na bara. Babu wata annoba, tsoffin masu ciwo ne aka tono aka rubuta a shafin sabbi. Alamu biyu ke tona asirin: da yawa cikin "sabbin" za ka same su da lalacewar ido ko mutuwar jijiyar ƙafa, abin da ba ya faruwa cikin wata uku, sannan shekara mai zuwa lambar za ta faɗo ta koma kusa da inda take.

Shi ya sa auna sabbin kamuwa na gaskiya yake da tsada. Dole a gwada mutane a farko a tabbatar ba su da ciwon, a bi su shekaru ana sake gwadawa. Yawan masu ɗauke da ciwo kuwa zagaye ɗaya gida-gida ya isa. Don haka kusan duk lambar ciwon suga ko hawan jini da za ka ji a labarai a ƙasashenmu ta masu ɗauke da ciwo ce, ko da mai karanta labarai ya ce "sun kamu".

Canjin ma'auni ma yana motsa lamba ba tare da jikin kowa ya canza ba. A ƙarshen shekarun 1990 an sauko da iyakar sugan jini na kafin karin kumallo daga 140 zuwa 126 a ma'aunin mg/dL, mutumin da nasa 130 ne ya kwana ba mai ciwo ba ya tashi mai ciwo. A 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka mayar da iyakar hawan jini 130/80 daga 140/90, yawan manyan Amurka da ake lissafawa da hawan jini ya tashi daga wajen kashi 32 zuwa 46. Canjin hanyar ƙidaya ma haka: a Maris 2019 Najeriya ta sanar cewa kashi 1.4 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, inda a baya ake cewa 2.8. Sabuwar lambar daga binciken gida-gida na 2018 ta fito, tsoffin ƙiyasi kuma sun dogara sosai da gwajin mata masu zuwa awon ciki, don haka ba za a ɗora biyun a ce cutar ta ragu da rabi ba.

## Matsalar ƙaramin gari

Abu biyu ke damun lissafi a gari irin namu. Na farko mutane ba sa zama wuri ɗaya. In cikin 5,000 ɗin nan mutum 1,000 suna tafiya cin rani wata shida, kuma abin da ya same su a Legas ko Fatakwal ba ya shiga rijistar gida, to ba shekarar mutum 5,000 aka sa wa ido ba. Masana sai su ƙirga lokacin da kowa ya yi a gaban ido: 4,000 sun yi shekara cikakkiya, 1,000 sun yi rabi-rabi wanda ya zama 500, jimilla 4,500. A raba 25 da 4,500, an samu 5.6 cikin 1,000 maimakon 5.

Na biyu ƙanƙantar lamba. Ko da haɗarin kamuwa bai motsa ba sam, garin da matsakaicinsa 25 ne zai iya ganin 19 bana, 31 baɗi, yawanci dai tsakanin 15 da 35. Daga 19 zuwa 31 ƙarin sama da kashi 60 ne in aka buga a kalkuleta, kuma ba komai ba ne face kai-kawon lamba. A ƙaramin gari gara a haɗa shekara uku zuwa biyar kafin a ce abu ya hau ko ya sauka.

## Wanne ya shafi wa

Mai tsara kasafin asibiti da mai kemis yawan masu ɗauke da ciwo suke buƙata. Mutum 200 masu shan ƙwaya biyu a rana, ƙwaya 12,000 kenan a wata, in aka yi odar magani da lambar 25 sati ɗaya ba za a kai ba. Yawan ranakun asibiti, tsinken gwaji, ma'aikata, duk daga nan ake fitar da su.

Wanda yake son sanin ko wa'azin rage lemon kwalba da ƙiba da yawan zama yana aiki, sabbin kamuwa zai duba. A garinmu ko da an yi nasarar rage su daga 25 zuwa 15, shekarar farko rijista daga 200 zuwa 190 kawai za ta sauka, kuma sai an yi shekaru kafin ta kusanci 120. Wanda ya auna shirin rigakafi da jimillar rijista zai rufe shi yana tsaka da aiki.

Haka mai binciken musabbabi. In ka je ka tambayi masu ciwon da ke raye me suke ci, waɗanda suka tsira kawai ka samu, kuma da yawansu sun canza abinci bayan an gano ciwon. Za ka iya tarar da masu suga sun fi kowa cin acha da alkama da ganye, ka fita kana cewa acha ke kawo ciwon suga. Sai an bi lafiyayyu an ga waɗanda suka kamu daga baya ake sanin wanne ya riga wanne.

Shi kuma magidanci mai shekara 45 da ya ji an ce mutum ɗaya cikin 26 na garinsu yana da suga, wannan ba ita ce damar kamuwarsa a bana ba. Lambar da ta fi kusa da tambayarsa ita ce 5 cikin 1,000 a shekara, wato ɗaya cikin 200, ita ma matsakaici ce ta ɗan shekara 22 da ɗan shekara 70 a haɗe. In mahaifiyarsa na da ciwon, ga tumbi, ga aikin zama a shago daga safe har dare, nasa ya fi haka, kuma yana taruwa: 5 cikin 1,000 in aka jera shekara 20 ya kusa 1 cikin 10. Kuma tunda fiye da rabin masu ciwon a yankinmu ba su sani ba, tambayar da ke gabansa ba lallai ta zama ko zai kamu ba, zai iya yiwuwa yana cikin 120 ɗin da rumfar ƙofar fada ba ta kai ga gwadawa ba tukuna, abin da gwajin jini da safe kafin ya karya zai nuna.